Leda nawa Kano ke sha a rana? Tambayar da ke tankaɗe masu neman aikin nazarin kasuwanci

Matashiya ta gama jami'a da sakamako mai kyau, ta yi hidimar ƙasa, ta haddace tarihin kamfanin da ya kira ta ganawar ɗaukar aiki. Tana zama sai mai tambaya ya tura mata farar takarda da biro, ya ce: "Malama, wani ɗan kasuwa yana so ya buɗe masana'antar ruwan leda a Kano. Kuɗi nawa ke juyawa a wannan kasuwa a shekara?" Babu kwamfuta, babu waya, kuma minti goma sha biyar ne a gabanta.

Da yawa daga masu neman aiki a nan suke daskarewa. Wasu su ce ba a ba su alƙaluma ba. Wasu su jefo lamba daga sama, biliyan kaza, su yi shiru suna jiran a ce sun dace ko sun faɗi. Duka biyun sun rasa gane abin da ake nema, domin shi kansa mai tambayar sau da yawa ba shi da amsa a rubuce. Abin da ya zauna ya gani shi ne yadda za a taso daga abin da kowa ya sani, a bi mataki bayan mataki, har a isa ga lambar da mai kuɗi zai iya yanke shawara a kanta.

Asalin wannan salo ba a kasuwa yake ba. Ranar 16 ga Yuli, 1945, aka gwada bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico ta Amurka. Masanin kimiyyar nan ɗan asalin Italiya, Enrico Fermi, yana tsaye kimanin kilomita 16 daga wurin. Da iskar fashewar ta iso inda yake, sai ya saki guntayen takarda daga hannunsa, ya ga iskar ta tura su kusan mita biyu da rabi. Daga wannan kaɗai ya ƙiyasta cewa ƙarfin bam ɗin ya kai na tan 10,000 na nakiyar TNT. Da aka gama awon na'urori, an samu kusan tan 21,000. Ya yi ƙasa da rabi, amma ya faɗa cikin unguwar amsar: ba ɗari ba ne, ba miliyan ba ne, dubbai goma-goma ne. Fermi ya shahara da yi wa ɗalibansa irin waɗannan tambayoyi, kuma wadda aka fi jingina masa ita ce ta yawan masu gyaran sautin piyano a birnin Chicago.

Manyan kamfanonin ba da shawara kan harkar kasuwanci ne suka shigo da salon cikin ɗakin ganawa: McKinsey da aka kafa a 1926, Boston Consulting Group na 1963, da Bain na 1973. Aikin ma'aikatansu shi ne a jefa su cikin harkar da ba su taɓa yi ba, yau siminti, gobe banki, su fito da shawara cikin 'yan makonni. Don haka suke gwada mutum da ƙaramin samfurin aikin tun kafin su ɗauke shi. McKinsey da Boston Consulting Group suna da ofisoshi a Legas, kuma salon ya bazu zuwa bankuna, kamfanonin sadarwa da na hada-hadar kuɗi ta waya, duk inda ake neman mai nazarin kasuwanci.

A koma kan ruwan leda. Duk lambobin da za su biyo baya zato ne irin na ɗakin ganawa, ba sakamakon bincike ba ne, kuma haka ya kamata mai amsa ta faɗe su da bakinta.

Abu na farko da gwana ke yi shi ne tambaya, tun kafin biro ya taɓa takarda. "Ranka ya daɗe, jihar Kano kake nufi ko birnin da kewayensa? Ruwan leda kaɗai ko har da na gora? Kuɗin da masana'antu ke karɓa ko wanda masu sha ke biya?" Tambayoyin nan uku suna iya ninka amsa sau biyu ko uku. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma birni da kewaye takwas ne aka saba lissafawa: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. A ce mai tambaya ya amsa cewa birni da kewaye yake nufi, ruwan leda kaɗai, kuma kuɗin da ke shiga masana'antu.

Daga nan sai ta faɗi hanyar da za ta bi a taƙaice: yawan mutane, sau ledar da kowa ke sha a rana, sau kwanakin shekara, sau farashi. Wannan jimla ɗaya tana ba mai tambaya damar tsayar da ita da wuri in ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa.

Yawan mutanen birnin Kano da kewaye, bisa ƙiyasin da ake yawan ambata, ya kai miliyan huɗu ko ya ɗan haura. Ta ɗauki miliyan 4 cif, domin lambar da ke da sauƙin ninkawa ta fi amfani a nan fiye da mai wutsiya. Ba wanda zai ƙara mata maki don ta ce miliyan 4 da dubu 137, sai ma ta jawo wa kanta kuskuren lissafi.

Yanzu aka zo wurin da ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce kowane mutum yana shan leda biyu a rana, ya ninka ya wuce. Amma jaririn da ke goye ba ya shan fiya wata, kuma magidancin da ke sayen ruwan 'yan garuwa ko yake da rijiyar burtsatse a gida ba ɗaya yake da direban A Daidaita Sahu da ke yini a rana ba. Dole a raba mutane gida-gida. Barbara Minto, wadda ta yi aiki a McKinsey tun daga 1963, ita ta yaɗa ƙa'idar rabon da ake bi har yau: kada mutum ɗaya ya faɗa rukuni biyu, kuma kada a bar kowa a waje.

Sai mai amsa ta yi rukuni uku. Na farko su ne gidajen da ruwan leda ne ruwan shansu na kullum, masu sayen jaka-jaka su ajiye. A ce kashi 20 cikin 100 ne, wato mutum 800,000. Leda ɗaya rabin lita ce, mutum kuma yana shan kusan lita biyu a rana, don haka leda huɗu kowa. Jimla leda miliyan 3.2. Rukuni na biyu su ne waɗanda ke shan wani ruwan a gida, amma suna sayen leda in sun fita: 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari, leburori, ɗalibai, masu jiran mota a tasha. A ce kashi 30 cikin 100, wato mutum miliyan 1.2, kowa leda biyu a rana, ya ba da miliyan 2.4. Ragowar rabin mutanen gari, miliyan 2, su ne ƙananan yara, tsofaffi da matan da ba su cika fita ba, waɗanda sai a biki ko suna ko ta'aziyya leda ke zuwa hannunsu. A ba su leda ɗaya a kwana biyar, wato 400,000 a rana. In aka haɗa, leda miliyan 6 ke nan a rana. Jaka ɗaya leda 20 ce, saboda haka jaka 300,000.

Wanda ya san Kano ba zai ninka wannan da 365 kai tsaye ba tare da ya tsaya ba. Shan ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ya kama da na Janairu da hunturu. Mai amsa za ta iya cewa watanni uku na bazara leda miliyan 8 a rana, uku na sanyi miliyan 4, sauran shida miliyan 6. Matsakaicin ya dawo miliyan 6, lissafin bai canza ba, amma ta nuna wa ɗan kasuwar abin da zai shafi jarinsa: injinan da za su ishe shi a bazara, rabinsu za su zauna a hunturu. Miliyan 6 sau 365 ya ba da kusan leda biliyan 2.2 a shekara, ko jaka miliyan 110.

Farashi yana motsi da tsadar leda da man dizal, don haka tana da 'yancin tambaya. A ce mai tambaya ya ba ta naira 300 a kan jaka a bakin masana'anta. Jaka miliyan 110 sau 300 ya ba da naira biliyan 33 a shekara. Wannan ita ce amsar farko.

Tambayar da ta yi da farko game da kuɗin wa ake nufi, ga inda take biya. Da an lissafa abin da masu sha ke kashewa, sai a ce gidaje da masu biki suna sayen jaka a shago kan naira 400, mai sha a titi kuma yana biyan naira 50 a kan leda mai sanyi. Jaka 180,000 sau 400 naira miliyan 72 ne a rana, leda miliyan 2.4 sau 50 kuma miliyan 120. Jimla miliyan 192 a rana, kusan biliyan 70 a shekara. Ruwan ɗaya ne, amma kasuwar ta ninka fiye da sau biyu, kuma bambancin na masu shago ne, da masu ƙanƙara, da yaran da ke talla a bakin danja. Ɗan kasuwar da ya kafa masana'anta yana hangen biliyan 70 ya hango kuɗin da ba za su taɓa shiga aljihunsa ba.

Yawancin masu neman aiki a nan suke ajiye biro, su yi murmushi. Amma rabin makin yana gaba, a wurin gwada amsar. Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da ita kan mutum ɗaya. Leda miliyan 6 lita miliyan 3 ce; a raba wa mutum miliyan 4, kowa ya samu kashi uku cikin huɗu na lita a rana, wato ɗan fiye da sulusin ruwan da yake sha. Hankali zai iya ɗaukar wannan. Da lissafin ya nuna kowane Bakano yana shan lita goma sha biyar ta ruwan leda kullum, an san sifiri ɗaya ya ɓata a hanya.

Gwaji na biyu ya fi ƙarfi: a bar masu sha, a zo ta ɓangaren masu yi. Injin ɗura ruwa a leda irin wanda ƙananan masana'antu ke amfani da shi yana fitar da kusan leda 2,000 a awa, wato jaka 100. In ya yi aikin awa takwas a rana, jaka 800 ke nan. Jaka 300,000 na buƙatar injina kusan 375. In kowace masana'anta tana da biyu, ana maganar masana'antu kusan 190. Ga wanda ya lura da yawan sunayen da ke jikin ledojin da ke yashe a titunan birnin, wannan lamba ba ta fi ƙarfin tunani ba. Ana iya ƙarawa da motoci: jaka ɗaya kilo 10 ce, motar da ke ɗaukar jaka 300 tana ɗauke da tan uku, in tana sawu biyu a rana ana buƙatar mota 500. Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun haɗu a wuri ɗaya, kuma wannan ne ke sa a yarda da lambar. Dillalin hatsi a Dawanau haka yake yi: ya ƙiyasta buhunan da ke cikin sito da ido, sannan ya tambayi motoci nawa suka sauke kaya, ya ga ko maganar biyu ta zo ɗaya.

Sai mataki na ƙarshe, wanda a ganin mai wannan rubutu shi ne ya fi nuna wanda zai iya aikin. A cikin zato bakwai ko takwas da aka yi, wanne ne in ya karkace zai kayar da ginin? A gwada. In masu shan leda jefi-jefi suna shan ninki biyu na abin da aka zata, an ƙara leda 400,000 kawai, ƙasa da kashi 7 cikin 100. Amma in gidajen da suka dogara da ruwan leda kashi 30 ne maimakon 20, mutum 400,000 sun tashi daga rukuni na uku zuwa na farko, jimlar ta haura miliyan 7.5, ƙarin kashi 25 cikin 100. Don haka mai amsa za ta rufe da magana irin wannan: "Ranka ya daɗe, ƙiyasina kusan naira biliyan 33 a shekara a farashin masana'anta, kuma zan ce tsakanin 25 da 40. Lambar da na fi shakka a kanta ita ce yawan gidajen da ke shan leda kullum. Da za a ba ni mako guda, ita zan fara bincikawa, ta hanyar tambayar masu shaguna a unguwanni daban-daban jaka nawa suke sayarwa a rana, da duba rajistar masana'antu a hukumar NAFDAC."

Mai tambaya da ya ji haka yakan ƙara matsawa: to, ɗan kasuwar ya shiga ko kada ya shiga? Lissafin da ke kan takarda ya riga ya ba da rabin amsa. Masana'anta mai injina huɗu za ta fitar da jaka 3,200 a rana, kusan kashi 1 cikin 100 na kasuwar, cinikin naira 960,000. Girman kasuwa ba shi ne zai hana shi ba, akwai wuri. Abin da zai yanke hukunci shi ne ribar da ke saura a jaka ɗaya bayan an cire kuɗin leda, dizal, ma'aikata da dako. Kaya mai nauyin kilo 10 da ake sayarwa naira 300 ba ya jure tafiya mai nisa, don haka kasuwarsa ta gaskiya ita ce unguwannin da motarsa za ta kai kaya ta dawo da riba, ba birnin gaba ɗaya ba.

Kurakuran da ke kayar da mutane kaɗan ne, kuma suna maimaita kansu. Wanda ya fi yawa shi ne na sifiri, a rikita miliyan da biliyan a tsakiyar ninkawa. Maganinsa a rubuta awo kusa da kowace lamba, leda ce ko jaka, ta rana ce ko ta shekara. Wani kuma ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne rikita abin da ke hannun mutane da abin da ake saye a shekara. In aka tambayi girman kasuwar wayar hannu, yawan masu waya ba shi ne amsa ba. In mutum miliyan 90 ke riƙe da waya kuma kowa yana canza tasa bayan shekara uku, wayoyi miliyan 30 ake sayarwa a shekara, sannan a ƙara masu sayen ta farko, a kuma cire 'yar hannu idan sababbi ake tambaya. Haka nan alƙaluman layukan waya da hukumar NCC ke fitarwa layuka suke ƙirgawa, ba mutane ba, alhali a Najeriya mutum ɗaya da layi biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanci mai lissafi a Najeriya. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, ta ba ƙasar mutum miliyan 140, jihar Kano kuma miliyan 9.4. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk lambar da ake ji yau, har da ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta haura miliyan 220, hasashe ce da aka ɗora a kan tsofaffin alƙaluma. Ma'ana, tubalin farko na lissafin shi ma ƙiyasi ne, kuma mai amsa da ta ambaci haka ta nuna ta san ƙasar da take tsaye a kai. Ya kamata kuma ta riƙe cewa kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba. Wanda ya ninka miliyan 220 da farashin inshorar mota ko asusun banki ya sayar wa jarirai da 'yan firamare.

Ba kowa ne ya yarda da wannan salon tambaya ba. A 2013, Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen ma'aikata a Google a lokacin, ya gaya wa jaridar New York Times cewa kamfanin ya gano tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki, sai dai su sa mai tambaya ya ji kansa gwani. Cikin misalan da ya kawo har da yawan gidajen mai a Manhattan. Yana da gaskiya a inda tambayar ba ta da alaƙa da aikin, ko inda mai tambaya ba shi da ma'aunin da zai auna kowa da shi daidai wa daida. Akwai ma rashin adalci a ciki: wanda ya yi makonni yana atisaye da abokansa zai burge fiye da mai basirar da bai taɓa jin salon ba, kuma wanda aka tambaya game da kayan da bai taɓa gani ba ya fara daga baya. Amma ga mai nazarin kasuwanci, ƙiyasin kasuwa aikinsa ne na ranar Litinin. Manaja zai leƙo ya tambaya ko ya dace a buɗe reshe a Gusau, kuma amsar farko za ta fito ne daga irin wannan lissafi kafin a kashe ko kwabo a kan bincike.

Atisayen ba ya buƙatar kuɗi. Mutum biyu su zauna, ɗaya ya yi tambaya ya riƙe agogo, ɗayan ya yi lissafi da babbar murya, domin a ganawa shiru ba ya samun maki, kuma mai tambaya ba zai iya gyara zaton da bai ji ba. Su ɗauki kayan da suka sani: tayoyin A Daidaita Sahu nawa ake canzawa a Kano a shekara, burodi nawa masu shayi ke sayarwa a Zariya kowace safiya, raguna nawa ake yankawa a Sakkwato da Babbar Sallah. Na tayoyin yana koyar da bambancin abin da ke kan titi da abin da ake saye, na burodin yana koyar da lissafi ta ɓangaren masu sayarwa, na ragunan kuma yana tilasta a ƙirga gidaje maimakon mutane. Bayan an gama, sai a je wurin mai faci ko mai shayi na unguwa a tambaye shi nawa yake sayarwa a rana, a dawo a gyara lambar da ta karkace a sake ninkawa.